Roƙo ga maƙwabta, ƴan zauren unguwar Wadata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, malamanmu, yayyena da ƙannena, barkanmu da war haka. Ina gaida mai unguwa da liman, ina gaida ƴan'uwanmu da ke bida a Abijan, Libiya da sauran wurare, waɗanda ke bin labarin gida ta wannan zaure. Ni ne Isuhu, ɗaya daga cikin mu uku da kuka ɗora wa riƙon wannan zaure namu na WhatsApp. Mun zauna da Hajiya Rabi da Malam Sani bayan sallar Juma'a, suka ce in rubuta wannan roƙo da sunanmu duka, a kan tura labarin da ba a tabbatar ba. Yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙasa. Bayan isha'i zan saka shi da murya saboda waɗanda karatu ke ba wuya.

Kowa ya san amfanin da wannan zaure ya yi mana. Nan muke jin haihuwa da rasuwa da lokacin jana'iza. Nan ake faɗin an ɗauke kuran ko ruwan famfo ya dawo. Da damina, da katangar gidan Inna Hadiza ta faɗi, kafin rana ta take an haɗa kuɗin bulo. Akuyar da ta ɓace, yaron da ya yi makuwa ranar kasuwar Lahadi, duk a nan aka samo su. Abin ya yi aiki ne saboda in waya ta yi ƙara daga wannan zaure, mutum yana dubawa da sauri, kuma yana yarda da abin da ya gani. Wannan yardar ce muke tsoron ta lalace.

Ranar Talatar da ta wuce wani saƙon murya ya shigo, wata mace na kuka tana cewa ɓarayin yara sun shigo gari cikin farar mota, suna tsayawa bakin lakwal. Ba ta faɗi sunanta ba, ba ta faɗi garin ba, ba ta faɗi ranar ba. Kafin azahar uwaye sun bar tukunya kan wuta sun tafi ɗauko ƴaƴansu, malamai sun rasa yadda za su yi da taron da ke bakin ƙofa. Wani bawan Allah da ya kawo albasa daga wajen Galmi ya tsaya tambayar hanya, matasa suka kewaye motarsa. Da Allah bai kawo dattawan da ke zaune bakin masallaci ba, da yau wata magana muke yi. Daga baya ɗan'uwanmu da ke Yamai ya ce wannan murya ɗin ta zagaya can tun bara, da kalmominta ɗaya.

Ba mu kawo wannan don a zargi kowa ba, kuma muna roƙon kada a koma sama ana neman wanda ya fara sakawa. Wanda ya tura, tsoron kada a taɓa ƴaƴanmu ne ya sa shi, kuma wannan tsoron alheri ne. Irin waɗannan saƙonni da gangan ake tsara su don su kama mai tausayi: a sa kuka, a sa rantsuwa, a ce maza ka tura kafin a goge. Mai son mutane shi ya fi saurin faɗawa.

Abin ba a kanmu ya fara ba. A 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya bazu cikin dare a Najeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Da yawanmu mun tuna wayar da aka yi ta bugowa kafin asuba. Mutane sun kwanta likita, wasu sun rasa ransu, kuma gishirin ne ya kashe su. A Indiya, jita-jitar satar yara irin wadda muka ji ta sa an kashe baƙi da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Bayan haka ne kamfanin WhatsApp ya taƙaita turawa: tun 2019 ba a iya tura saƙo ɗaya wuri fiye da 5 a lokaci guda, kuma tun 2020 saƙon da ya riga ya yi yawo da yawa wuri ɗaya kawai ake iya tura shi a lokaci guda. Ku duba saman saƙo. In kun ga kibiya da kalmar Transféré, wanda ya saka ba shi ya rubuta ba. In kibiyar biyu ce, saƙon ya bi hannuwa da yawa kafin ya iso, kuma da wuya a san inda ya fito.

Abin da muke roƙo ba shi da yawa. Kafin ka saka labari, ka tambayi kanka: ni na gani, ko wa ya gani? A ina? Yaushe? In kai ka gani, faɗi da bakinka: "Ni Abdu, yanzu na wuce bayan tasha, ruwa ya cinye hanya, masu moto su zagaya." Wannan labari ne mai uba, in akwai tambaya mun san wanda za mu kira. In ɗan'uwanka ne ya bugo maka, ka ce wane ne ya faɗa mini, yana wuri kaza. Amma "an ce", "wani babba ya ce", "daga majiya mai ƙarfi", waɗannan a dakata da su tukuna.

In kuma abu ya tayar maka da hankali, kana ganin shiru zai iya cutar da wani, turo wa ɗaya daga cikinmu uku a keɓe. Za mu buga waya. Maganar lakwal a tambayi darakta, maganar lafiya a tambayi ma'aikatan likita da muke da su a cikin unguwa, maganar hanyar Ƙonni ko ta Abalak a tambayi direbobin tasha, sanarwar gwamnati a jira Muryar Sahel ko Tele Sahel. In ya tabbata, mu da kanmu za mu saka, mu kuma gode maka a gaban kowa. In gobara ce ko ɓarna kake gani da idonka, fara kiran 18 ko 17 kafin ka zo zaure.

Hotuna da bidiyo sun fi ruɗi, domin ido ya gani. Sai dai hoton na iya zama gaskiya, bayanin da aka liƙa masa ƙarya. Ambaliyar wata ƙasa a ce ta Tawa ce, haɗarin mota na shekaru biyar a ce na jiya ne. Ku duba lambar motocin da ke ciki, rubutun allunan shaguna, kayan ƴan sanda, harshen da ake yi a baya. Sau da yawa nan take za a gane ba ƙasarmu ba ce. Hotunan gawa da na masu rauni kuwa, ko da na gaske ne, don Allah a daina. Akwai uwar da za ta fara ganin ɗanta a haka kafin kowa ya je mata gaisuwa.

Zan daɗe kaɗan a kan labarin tsaro, domin shi ya fi nauyi. Dukanmu muna da wani a kan hanya, ko a soja, ko a ƙauye. Saƙo ɗaya da ke cewa an kai hari wuri kaza yana hana gidaje da yawa barci, kuma waɗanda ke waje, da ba su da yadda za su leƙo su gani, su suka fi shan wahalarsa. Allah Ya yi magana a kan wannan a Suratun Nisa'i, aya ta 83, inda Ya zargi masu watsa labarin aminci ko na tsoro da zarar ya zo musu, maimakon su mayar da shi ga waɗanda suka san yadda za su tantance. Malam liman ya fi ni sanin fassararta, kuma ya yi alkawarin taɓo ta a karatun Asabar. Ta fuskar hukuma ma, ƙasarmu na da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma a watan Yuni na 2024 an ƙara mata tsanani, har da ɗauri ga wanda ya yaɗa abin da zai tada hankalin jama'a ko ya ɓata sunan wani. Ba don in tsorata kowa na faɗi haka ba. Ba ma so maƙwabcinmu ya shiga matsala a kan maganar da ba shi ya ƙirƙira ba.

Sai saƙonnin "tura wa mutum goma". Wasu da addu'a suke zuwa, wasu da sunayen Allah, a ƙarshe a ce in ka tura za ka ji albishir kafin dare, in ka ƙi musiba za ta same ka. Na san iyayenmu mata da dama da ke turawa don tsoron wannan gargaɗin. Inna, hankalinki ya kwanta. Mun tambayi liman, ya ce wannan sharaɗin ba shi da asali a addini, kuma babu laifi ga wanda ya goge. Mai son yi mana addu'a ya yi da bakinsa, mu ce amin. Hakan ya fi mana daɗi, kuma ba ya cinye megar talaka. Akwai masu sayen ta dala ashirin don su ji ko ɗansu ya aiko saƙo, sai bidiyo goma su cinye ta kafin su kai ga nasa.

Na kyautar kuɗi, mega kyauta, ko ɗaukar aiki da aka ce a latsa shuɗin rubutu a cika suna, waɗannan tarko ne, za mu riƙa goge su da mun gani. Kuma duk wanda ya ce ka turo masa lambobi 6 da suka shigo wayarka, ko da sunan ɗan'uwanka ya zo, kada ka ba shi. Da su ake ƙwace WhatsApp ɗin mutum a shiga roƙon kuɗi da sunansa.

Ga yadda mu za mu yi daga yau. In saƙo ya shigo da ba a san tushensa ba, ɗayanmu zai kira wanda ya saka a keɓe, cikin girmamawa, ya tambaye shi inda ya samo. In ba a gano ba, za mu roƙe shi ya goge wa kowa, ko mu goge da saninsa. Ba za a fitar da kowa daga zaure a kan wannan ba. Ku kuma matasa, ku da kuka fi mu sanin waya, roƙo na musamman gare ku: in dattijo ya saka abin da kuka san ba haka yake ba, kada ku rubuta "ƙarya ne" a ƙarƙashinsa, kada ku saka fuskar dariya. Ku je gida ku gaishe shi, ku nuna masa a wayarsa. Wanda aka kunyata a gaban jama'a shiru zai yi, ranar da yake da labarin gaske ma ba zai faɗa ba.

Sanarwar biki, suna, rasuwa, cigiya, neman jini ga marar lafiyan da muka sani, tallan ƴan unguwa ranar Alhamis kamar yadda aka saba, duk suna nan yadda suke.

Wanda ke da gyara ko ƙari a kan abin da muka faɗa, ƙofa a buɗe take. A same ni bakin shagon Malam Sani bayan la'asar, mata kuma su sami Hajiya Rabi a gida. Za mu tattara abin da aka ce mu kai wa mai unguwa ranar Juma'a mai zuwa.

Allah Ya tsare mana ƴaƴanmu, Ya dawo da matafiyanmu lafiya, Ya bar mu tare.

Naku,
Isuhu, a madadin Hajiya Rabi da Malam Sani