Amsa ga Masu Tantance Maƙalar "Allo da Aji: Gwama Karatun Tsangaya da Boko a Kano"

21 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Babban Edita
da malamai biyu da suka tantance maƙalar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na karɓi rahotannin biyu, kuma ga maƙalar na dawo da ita bayan gyara. Allah ya saka da alheri. An karanta ta da idon basira, har an kamo mini kuskuren da ya shekara a cikin rubutuna ban gani ba. Duk inda na taɓa na yi masa jan rubutu, lambobin shafukan da zan ambata kuwa na sabon kwafi ne. Na karɓi yawancin gyare-gyaren. Abu biyu ne ban yi ba, zan kuma faɗi dalili idan na zo kansu.

Ga malamin da ya tantance na ɗaya

Kun ce na cakuɗa tsangaya da makarantar allo da islamiyya, har mai karatu ya kasa gane wadda ake son gyarawa. Gaskiyarku. Ni da na tashi a cikin abin sai na ɗauka kowa ya san bambancin. Yanzu shafi na 3 da na 4 sun rarrabe su. Makarantar allo ta ƙofar gida, yaro yana zuwa ya koma ya ci tuwon uwarsa. A tsangaya kuwa an damƙa shi ne ga alaramma, can yake kwana, burin kuma hadda da satu, ba sauka kaɗai ba. Makarantar zaure ta littattafai ce, fiƙihu da nahawu da tafsiri. Islamiyya tana da aji da rajista da jarrabawa. Maƙalar a kan tsangaya take, na kuma faɗi haka tun a sakin layi na farko. Na ƙara bayanin matakan kolo, titibiri, gardi da alaramma, domin hujjata ba ta tsayawa sai an san cewa gardi ne ke riƙe da ƙananan yara yawancin yini.

Kuskuren tarihin da kuka nuna a sashe na biyu nawa ne. Na rubuta cewa an buɗe Makarantar Nazarin Larabci ta Kano a 1934. Abin da aka buɗe a 1934 Makarantar Shari'a ce, ita ce ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Na gyara. Da na zauna gyarawa kuma sai na ga sashen duka yana tafiya kamar gwama ilimin addini da na boko ya fara ne a 2012, ranar da Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta Gagi a Sakkwato. Saboda haka na sake rubuta shi. Yanzu ya taso daga makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a 1909, ya bi ta Makarantar Shari'a, da islamiyyun da Malam Aminu Kano da abokan tafiyarsa suka assasa, da ilimin firamare kyauta na 1976, da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, da kulawar da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ba tsangayu tsakanin 2003 da 2011, har zuwa dokar 2023 da ta kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Sashen ya ƙaru da shafi ɗaya da rabi. Don a samu wurin, na yanke doguwar shimfiɗar da ke gabatarwa, wadda dama ƙawa ce kawai.

A kan hanyar bincike kun tambayi yadda na zaɓi tsangayun da na shiga, da kuma ko zaɓin bai karkata ba. Ya karkata, yanzu kuma na bayyana hakan a shafi na 9. Tsangayu 14 na ziyarta a ƙananan hukumomi uku, na tattauna da alarammomi 14, gardawa 19 da malaman boko 8. Alaramma ne ke miƙa ni ga alaramma, domin ba a shiga tsangaya da takardar jami'a a hannu a samu magana ta gaskiya. Illar wannan hanya ita ce waɗanda suka ƙi bokon ƙememe ba su cika yarda su zauna da ni ba; biyu kacal na samu. Shi ya sa na sassauta duk jimlar da ke cewa "alarammomin Kano suna ganin kaza" ta koma "alarammomin da na tattauna da su". Batun izini ma na fayyace shi: ban yi hira da yaro ƙarami shi kaɗai ba, kuma duk sunayen da ke cikin maƙalar na aro ne.

Maganar da kuka yi cewa na bar 'yan mata a baya ta ƙona mini rai, don kun yi gaskiya kuma ba ni da abin cike giɓin. Ba a tura 'ya mace ci-rani ko Gabas neman karatu yadda ake tura namiji, amma 'yan matan unguwa suna zama a gefen tsangayun nan da allunansu, matan alarammomi kuma su ke karantar da wasunsu a cikin gida. Ban shiga cikin gidajen ba, ban kuma ɗauki mace mai taimaka mini da za ta shiga ba. Na rubuta haka ƙarara a shafi na 10 a matsayin naƙasun binciken. Ban yarda in ƙirƙiro sashe a kan abin da ban gani da idona ba.

Ga malamin da ya tantance na biyu

Babbar sukarku ita ce na tausaya wa alarammomi fiye da kima, na kuma rufe ido daga bara da yunwa da duka da kwanan kasuwa. Na sake karanta tsohon kwafin da wannan suka a zuciyata, na ga inda ta samo tushe. Kalmar bara sau biyu kawai ta fito a cikinsa. Yanzu akwai sabon sashe (shafi na 14 zuwa 16) da ya faɗi abin da na gani: ɗaki ɗaya da yara suka yi wa yawa, ƙaiƙayi da ƙazuwa, kolon da ke fita da roba tun kafin rana ta ɗaga. Na kuma kawo yadda gwamnonin Arewa suka yi ta mayar da almajirai jihohinsu lokacin annobar korona a 2020, da haramcin bara a titi da gwamnatin Kano ta sanar a farkon shekarar 2020 ɗin.

Sai dai sabon sashen ƙarfafa hujjata ya yi. Abin da maƙalar ke cewa shi ne, inda gwamin ya tsaya, ba a kan manhaja ya tsaya ba. Cikin alarammomin da suka karɓi malamin boko, ban ji wanda ya ce lissafi haramun ne ba. Tambayoyinsu uku ne, kullum su ne: yaushe za a yi, wa zai ciyar da yaron a wannan lokacin, kuma wa ke da iko da shi. Yinin tsangaya a cike yake. Akwai karatun asuba, akwai wanke allo da rubutu, akwai na la'asar, akwai na dare. Sararin da ya rage shi ne wanda yaro ke neman abinci a cikinsa. Wanda ya sa darasin boko a wannan sarari bai ba da abinci ba, ya ce wa yaro ne ya zaɓa tsakanin aji da cikinsa. Idan kuma ya sa shi a lokacin allo, ya taɓa abin da uban yaron ya kawo shi ya yi. Wannan ne ya sa na ɗauki lokaci a kan ranakun Alhamis da Juma'a, da kuma tsarin da aka gwada a Fagge, Kumbotso da Albasu da tallafin Birtaniya, inda aka ɗauki matasan unguwa suna karantar da yaran tsangayu maƙwabta na 'yan sa'o'i, yaran kuma suna nan a hannun malamansu. Makarantun almajirai 157 da gwamnatin tarayya ta gina sun bi wata hanya dabam: sun ɗauke yaro daga alaramma suka kai shi gini. Na daidaita kalamaina a kansu kamar yadda kuka nema, na cire kalmar "asara", amma kwatancen yana nan.

Abu na farko da ban yi ba shi ne kiran almajirai "marasa ilimi" ko "waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba", yadda kuka ba da shawara don a dace da rahotannin hukuma. Gardin da ya rubuta izu sittin da ka, da alƙalamin gamba da tawada, a ruwayar Warshu, yake kuma rubuta wa gida wasiƙa da ajami, ba zan iya cewa bai iya rubutu ba. Abin da na yi shi ne na yi amfani da "waɗanda ba su da karatun boko", na kuma bayyana a shafi na 5 cewa a lissafin hukuma ana sa su cikin yaran da ba sa zuwa makaranta. A wurin na ƙara wani abu da ban tsaya a kansa ba a da: yawancin islamiyyu da Hafsu suke karantarwa, har wani alaramma ya ce mini fargabarsa kada a mayar da tsangayarsa islamiyya ta fi fargabar boko. Wannan ya shafi gwami kai tsaye, don sau da yawa ɗan islamiyya ake turowa a matsayin malami.

Na biyu shi ne sashen da kuka nema a kan alaƙar almajirci da Boko Haram. Na fahimci dalilin, domin masu tsara manufofi da wannan hujja suke neman kuɗi. Amma ban yi tambaya a kan haka ba, babu kuma komai a bayanaina da zai tabbatar ko ya kore. Na sa sakin layi ɗaya a shafi na 7 da ke nuna cewa ana wannan muhawara, cewa kuma shirin 2012 ya zo ne a tsakiyar rikicin. Idan na wuce nan, zargi zan ɗora wa mutanen da suka buɗe mini zaurensu ba tare da shaida ba. Ina roƙon Edita ya duba wannan uzuri.

Kwatance da Nijar shawara ce mai kyau. Na ambaci makarantun Faransanci da Larabci da suka faro daga madarasar Sayi a 1957, cikin jimla uku, tare da nuna cewa makarantu ne masu aji, sun fi kusa da islamiyya. Cikakken kwatance sai wanda ya je can ya zauna.

Shawarwarin ƙarshe da kuka ce sun yi yawa kuma babu mai ɗaukar nauyinsu, na rage su daga tara zuwa uku, kowace da wanda ake nufi: ciyarwa a ranakun darasin boko, ga gwamnatin jiha, tsara lokaci tare da alaramma kafin a turo malami, ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da hanyar da gardi zai samu takardar shaida a kan haddarsa, ga hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci.

Ƙananan gyare-gyaren duk an yi su. Na daidaita rubutun ɓ, ɗ da ƙ, na haɗe jadawali na 2 da na 3, na kuma gyara manazarta bisa tsarin mujalla. Maƙalar ta haura ƙa'idar tsawo da kimanin kalmomi 400 saboda sabon sashen bara. Idan dole a rage, ina ganin a taɓa tarihin da ke shafi na 6, a bar shafi na 14 zuwa 16 yadda suke.

Na gode ƙwarai. Allah ya ƙara basira.

Wassalam,
Marubucin maƙalar
Kano