Darasin Nimoniya ga Ɗalibanmu Masu Koyon Aiki a Asibitin Karkara, Yankin Ringim

Ɗalibai, hunturu ya kama, masu tari da zazzaɓi sun fara cika benci, don haka yau huhu za mu duba.

Huhun dama sashe uku ne, na hagu biyu, kuma akwai tsaga da ta raba kowane sashe da ɗan'uwansa. A nimoniya irin ta loba, wadda galibi ƙwayar nimokokas ke kawowa, cutar tana farawa ne a ƙananan jakunkunan iska. Jaka ta cika da ruwa mai ɗauke da ƙwayoyin cuta, ruwan ya bi ta 'yan ƙofofin da ke jikin bango ya shiga ta kusa da ita, a haka har sashen ya cika. Kamar gobarar daji take, tana cin abin da ke gabanta har ta iso inda aka share hanya, wato tsagar nan, ta tsaya. An fi ganinta a jikin saurayi ko magidanci da ke lafiya lau jiya, yau ga rawar ɗari, zazzaɓi mai zafi, sukar haƙarƙari a gefe guda in ya ja numfashi, da kaki mai launin tsatsa.

Bironkonimoniya kuwa ta bututun iska take bi. Kumburin yana farawa a ƙananan bututu, ya fantsama cikin jakunkunan da ke kewaye da kowanne, sai a sami tabo nan, tabo can, da lafiyayyen huhu a tsakani. Yawanci tana kama huhu biyun, musamman ta ƙasa. Ita ce ta jarirai, da tsofaffi, da yaron da ƙyanda ko tarin shiƙa ko tamowa suka raunana, da wanda ya shaƙi amai. Ƙwayoyinta sun haɗa da sitafilokokas da himofilas, har da ita nimokokas ɗin.

To, abin da littattafanku ke kira konsolideshan shi ne daskarewar huhu: inda iska ya kamata ta zauna, ruwa da ƙwayoyin jini da mugunya sun maye gurbinta, har naman huhun ya yi tauri irin na hanta. Duk alamomin da za ku samu daga abu guda suka fito, wato daskararren abu ya fi mai iska kai sauti, muddin bututun da ke shiga wurin a buɗe yake.

Ku sa marar lafiya ya tuɓe riga. In mace ce, a ja labule, 'yar'uwarta mace na wurin. Ku dubi ƙirjin, gefen da ya kamu ba ya ɗagawa kamar ɗayan. Ku ɗora yatsan tsakiya tsakanin haƙarƙari biyu, ku ƙwanƙwasa shi da na ɗaya hannun, dama sannan hagu a daidai wuri guda. Lafiyayyen gefe zai yi amo, daskararren ya yi dum. Sai ku ce, "Baba, ka ce tis'in da tara," tafin hannunku na bayansa. Girgizar muryar za ta fi ƙarfi a kan ciwon. Da na'urar sauraro za ku ji numfashi mai kaushi, fitarsa da tsawo kamar shigarsa, da ɗan tsaiko a tsakani. Kowa ya ɗora na'urar a maƙogwaronsa yanzu ya saurara: wannan sautin ne, kuma ba wurinsa ba ne a ƙasan baya. Ko raɗa ya yi, za ku ji ta rangaɗau. Maƙogwaro kuma yana nan a tsakiya bai karkace ba.

Kada ku rikita wannan da ruwan da ya taru a kewayen huhu. Shi ma dum yake yi, har ya fi, amma numfashi da murya dushewa suke yi.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. Alamomin nan a nimoniyar loba suke fitowa sarai. A bironkonimoniya tabban ƙanana ne, lafiyayyen huhu ya lulluɓe su, sai ku ƙwanƙwasa ku ji amo, ku saurara ku ji 'yar ƙaraf-ƙaraf warwatse a ƙasan gefe biyu, wani lokaci ma babu. In uwa ta ce, "Likita, da haƙarƙari yake numfashi," ku ɗauki maganarta da gaske. Ku ɗaga rigar yaron yana kwance a cinyarta, ba ya kuka, ku ƙirga numfashi minti guda cur. Ya yi sauri in ya kai 60 a ƙasa da wata 2, ko 50 daga wata 2 zuwa 11, ko 40 daga shekara 1 zuwa 5. Wannan ya isa a fara magani ko na'ura ba ta nuna komai ba.

Wanda iskar jininsa ta gaza kashi 90, ko ya kasa shan nono, ko yana jijjiga, ko ya galabaita ba ya farkawa sosai, ku ba shi allurar farko ku tura shi babban asibiti nan take. Jaririn da bai cika sati guda ba yana saurin numfashi, shi ma haka. Babban da tarinsa ya kai sati 2 kuma, a karɓi kakinsa a gwada tarin fuka kafin ya koma ƙauye.