Saƙonnin Makon Lafiyar Uwa da Yaro na Daminar Bana

Saƙo na farko

Assalamu alaikum iyayenmu mata. Kwamitin lafiya na mazaɓarmu, tare da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi na unguwa, zai riƙa aiko muku da saƙonni daga yau Asabar har zuwa Juma'a mai zuwa. Mun zaɓi wannan lokaci ne domin ruwa ya sauka, sauro ya yawaita, rijiyoyi sun fara gurɓata, kuma a irin waɗannan watanni ne layin yara marasa lafiya yake tsawo a asibiti. Wadda ta iya karatu ta karanta wa maƙwabciyarta, a kuma nuna wa maigida da uwar miji, tun da sau da yawa da izininsu ake fita.

Saƙo na biyu: maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, masu rabon magani za su shigo gida-gida sau ɗaya a kowane wata domin yaran da suka kai wata 3 amma ba su cika shekara 5 ba. Maganin na kwana uku ne. Na ranar farko a gabanku za a ba yaro, sauran na kwana biyu kuma a hannunku za a bar shi, kuma a nan ne aikin yake yawan lalacewa, domin uwa takan ga yaro yana wasansa lafiya sai ta ajiye ragowar ta ce sai ranar da ya yi zazzaɓi. Wannan magani na kariya ne, idan ba a cika kwana ukun ba kariyar ba ta cika ba, kuma ba a raba na yaro ɗaya tsakanin yara biyu. Idan yaro ya amayar da shi cikin rabin awa, a sanar da mai rabon. Idan kuma yana da zazzaɓi a ranar, ko ya taɓa yin ƙuraje bayan shan irinsa, a faɗa tun kafin a ba shi, domin a tura shi asibiti a gwada jininsa.

Gidan sauro kuma ba na ado ba ne, ba kuma na shingen lambu ba. A ɗaura shi kowane dare, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma, mai ciki da ƙananan yara su fara samun wuri a ciki.

Saƙo na uku: gudawa

Abin da yake kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jikinsa, kuma hakan yana iya faruwa cikin yini ɗaya. Saboda haka da zarar ta fara, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na leda, a zuba cikin adadin ruwa mai tsabta da aka rubuta a jikin ledar, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali ko kofi bayan kowace fita. Idan ya yi amai, a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Tare da shi akwai ƙwayar zinki, wadda ake ba yaro kullum har kwana goma ko da gudawar ta tsaya a rana ta biyu, domin tana rage tsawon ciwon kuma tana hana shi saurin dawowa. Kada a daina ba shi nono, kada kuma a hana shi abinci.

Mun san ana cewa gudawar haƙori ce, za ta wuce da kanta. Yaron da yake haƙori yana kai duk abin da ya tsinta bakinsa, kuma daga nan ƙazanta take shiga cikinsa, don haka ita ma gudawa ce kamar kowace. Idan idanunsa sun faɗa, ko maɗigarsa ta loɓa, ko ya kasa kama nono, ko aka ga jini a bayan gidansa, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Saƙo na huɗu: nono zalla

Daga haihuwa har wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishi jariri ci da sha, ko a lokacin zafin bazara, saboda mafi yawan nono ruwa ne. A sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, kuma kada a matse dakashi a zubar, domin wannan nonon farko mai kauri shi ne kariyar farko da jariri yake samu. Bayan wata 6 a fara masa kunu mai kauri da aka haɗa da gyaɗa ko waken suya, a ƙara da ƙwai, wake, zogale da ɗan manja gwargwadon hali, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu.

Saƙo na biyar: katin rigakafi

Ku ɗauko katin yaranku yau ku duba. Ana fara allura tun ranar haihuwa, sannan a koma a mako na 6, na 10 da na 14, sai kuma a wata 9 a yi ta ƙyanda da shawara, a sake ta ƙyanda a wata 15. Iyaye da yawa sukan yi biyun farko su daina, wasu saboda jikin yaro ya yi zafi bayan allurar. Wannan zafin yakan sauka cikin kwana ɗaya ko biyu, ba kuwa za a haɗa shi da wahalar mashaƙo ba, cutar da ta yi ɓarna a Kano da maƙwabtanta a shekarar 2023, wadda kuma ta fi kama yaran da ba a yi musu allura ba ko aka fara aka bari. Mun kuma ga amfanin dagewa da idonmu, domin a watan Agustan 2020 aka tabbatar cewa ainihin ƙwayar shan-inna ta daji ta ƙare a Afirka, bayan shekaru ana ɗiga wa yara magani gida-gida. Wadda ta tsallake wani zuwa, ko katinta ya ɓata, ta zo kawai, ba za a yi mata faɗa ba, za a ɗora daga inda aka tsaya. Rigakafin kyauta ne.

Saƙo na shida: masu juna biyu

Kada a jira ciki ya tsufa kafin a fara awo. A wurin awo ake auna hawan jini, a ba da maganin ƙarin jini, a yi allurar da take kare uwa da jariri daga sandarewar jiki, kuma bayan wata uku na farko a fara ba da maganin kariya daga zazzaɓin sauro. Zubar jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannaye, ko jin ɗa ya daina motsi, duk alamomi ne da ba a kwana da su a gida. Haka nan naƙudar da ta wuce awa 12 ba a haihu ba. Kunya ado ce, amma ba a wannan wuri ba, musamman ga mai cikin fari. Tun yanzu a yi magana da maigida a kan inda za a haihu, a ware ɗan kuɗin mota, a riƙe lambar mai abin hawan da zai amsa kira da dare.

Saƙo na ƙarshe

Ranar Alhamis da ƙarfe 9 na safe za a taru a ƙofar gidan mai unguwa, inda za a auna dantsen yara daga wata 6 zuwa shekara 5 domin gano tamowa da wuri. Yaron da awonsa ya faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko wanda ƙafafunsa biyu suka kumbura, za a tura shi inda ake ba da abincin magani. Za a kuma ɗiga sinadarin bitamin A, a ba da maganin tsutsar ciki ga waɗanda suka cika shekara ɗaya. Ma'aikatan mata ne, an kuma tanadi rumfa da tabarmi. Wadda ba ta samu fitowa ba ta aiko da yaron tare da kakarsa ko yayarsa, a haɗo su da katinsa. Rigakafi a asibiti yana nan kowace Talata, awon ciki kuma kowace Laraba, daga ƙarfe 8 na safe.