Gizo da Hular Wake: Tatsuniyar Dare ga Auta

Yaya, ga tatsuniyar da na yi wa Auta alkawari. Asalinta ta Tonawa ce, cikin labaran Kwaku Ananse, kuma da Tonanci na ji ta a bakin tsohuwar da muke gida ɗaya da ita a Asawase. Na mayar da Ananse Gizo, matarsa kuma Ƙoƙi, tunda su yaranmu suka sani. Yadda tsohuwar ta ba da shi, a wurin makokin suruka abin ya faru, da jan zane da baƙi da kiɗa, irin wanda ake yi ranar Asabar a nan Kumasi. Wannan na cire shi gaba ɗaya na sa aikin gona, don ba na son yaro ɗan shekara 6 ya kwanta da zancen mutuwa a ransa.

Na gajarta jimloli, na bar kalmomin da yake ji kullum a tsakar gida, kuma da gangan nake maimaita su don idonsa ya saba da su. Ban rubuta tsamin bakin Gizo ba, domin mai koyon haɗa baƙi zai rikice. Ke dai in kina karanta masa, ki lanƙwasa harshe yadda Inna take yi mana. In kun zo kan waƙar, ki yi shiru, ki sa yatsa a kan layin, ki bar shi ya karanta da kansa.

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Gizo ne da matarsa Ƙoƙi. Gizo yana da gashi mai yawa, baƙi wuluk. Kullum da safe sai ya shafa mai, ya taje, ya sa jar hularsa.

Wata rana ruwan sama ya sauka. Ƙasa ta yi laushi. Ƙoƙi ta ce, "Maigida, Inna za ta shuka masara gobe, ga shi ba ta da mai taya ta."

Gizo ya ce, "Ni zan je. Ni kaɗai na isa."

Da gari ya waye, Gizo ya sa hula, ya ɗauki adda, ya kama hanya. Ya wuce gonar koko. Ya wuce gonar rogo. Ya tsallake rafi. Sai ga gidan Inna.

Ya durƙusa ya ce, "Ina kwana, Inna?"

Inna ta ce, "Lafiya lau, ɗana. Zo ka sha koko kafin ka fara."

Gizo yana jin yunwa, amma yana son a yabe shi. Ya ce, "A'a, Inna. Ni ba na cin komai sai na gama aiki. Ko zan kwana uku, ba na jin yunwa."

Maƙwabta suka ji, suka ce, "Kai, wannan suruki jarumi ne!"

Gizo ya ji daɗi, ya shiga gona. Ya tona rami, ya sa masara, ya rufe. Ya tona rami, ya sa masara, ya rufe.

Rana ta yi sama. Cikin Gizo ya ce, ƙurrr!

Can a gida, Inna ta ɗora tukunya. Ta dafa wake. Ta zuba manja, ta yanka albasa, ta sa gishiri da ɗan barkono. Ta soya agade a gefe. Iska ta kwaso ƙanshi, ta kai shi har gona, har cikin hancin Gizo.

Gizo ya juya baya. Ƙanshi ya bi shi. Ya toshe hanci. Ƙanshi ya bi shi. Cikinsa ya sake cewa, ƙurrr!

Sai Gizo ya ajiye adda. Ya taho a hankali, saɗaf, saɗaf, saɗaf. Ya leƙa madafi, babu kowa. Inna ta tafi rafi ɗebo ruwa. Ga tukunya a kan murhu tana tafasa, fat, fat, fat.

Gizo ya ce, "Cokali ɗaya kawai."

Ya ci ɗaya. Ya ci biyu. Ya ci uku. Kai, daɗi!

Ya ce, "Bari in ɗiba in kai gona, in ci a ɓoye." Ya duba, babu kwano. Sai ya cire jar hularsa, ya cika ta da wake mai zafi.

Sai ya ji, "Salamu alaikum!"

Maƙwabta ne suka zo gaishe shi, ga Inna a bayansu da tulu a ka. Gizo ya duba nan, ya duba can. Babu wurin ɓoye hula. Sai ya kifa ta a kansa, kaf!

Wayyo, zafi!

Inna ta ce, "Sannu da aiki, ɗana. Yanzu dai ka zauna ka ci wake."

Gizo ya ce, "A'a, Inna, na ƙoshi." Kansa yana ƙuna. Ya ɗaga hula kaɗan, ya mayar. Ya kaɗa kai hagu, ya kaɗa kai dama.

Maƙwabta suka ce, "Lafiya, Gizo? Me ya sami kanka?"

Gizo ya ce, "Ai yau ranar rawar hula ce a garinmu. Kowa sai ya yi." Sai ya fara tsalle yana waƙa:

Kaɗa hula, kaɗa kai,
Hula ja, hula tawa,
Kaɗa hula, kaɗa kai!

Yara suka ji, suka fito da gudu. Suka ce, "Mu ma za mu yi!" Suka kewaye Gizo suna tafi.

Gizo ya ce, "Sai an jima, zan tafi gida, ana jira na." Ya kama hanya da sauri. Amma mutane suka ce, "Babban baƙo ba ya tafiya shi kaɗai. Sai mun raka ka."

Gizo yana gaba, suna biye. Gizo yana tsalle, suna tsalle. Manja ya fara gangaro masa ta bayan kunne. Kowa yana waƙa:

Kaɗa hula, kaɗa kai,
Hula ja, hula tawa,
Kaɗa hula, kaɗa kai!

Da suka kai bakin rafi, Gizo ya kasa daurewa. Ya ce, "Wayyo kaina!" Ya cire hula ya jefar. Wake ya zube, warrr! Gizo ya tsoma kansa cikin ruwa, tsulum!

Da ya ɗago, kowa ya yi shiru. Babu gashi ko ɗaya. Kan Gizo ya zama sumul kamar ƙwai.

Yara suka fashe da dariya. Kunya ta kama Gizo, ya shige cikin ciyawa ya ɓuya.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta koma gida, ta zubo wake a kwano, ta sa agade a kai, ta bari ya huce. Ta ɗauko man kaɗe. Ta zo bakin ciyawa ta ce, "Fito, ɗana. Ai don kai na dafa."

Gizo ya fito a hankali. Inna ta shafa masa man kaɗe a ka. Ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya cinye waken tas. Da yamma ya koma gona, ya gama shuka masarar Inna.

Gashin dai bai sake fitowa ba. Shi ya sa har yau in ka ga Gizo, za ka ga kansa a sumul, kuma yana son ɓuya a cikin ciyawa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.