Mu ad da Giginya!

Taken magoya bayan Sakkwato United, 'yan tsayuwar rana. Mai ja ya ja, jama'a su amsa. Ganga biyu, kalangu ɗaya, sauran kowa ya sa tafi.

SHIGA FILI

Mai ja: Sakkwatawa!
Amshi: Na'am!
Mai ja: Ɗiyan Shehu!
Amshi: Na'am!
Mai ja: Wa ad da hili?
Amshi: Mu ad da hili!
Mai ja: Wa ad da Giginya?
Amshi: Mu ad da Giginya!

Mun yi La'asar, mun taho,
Mun kulle shago, mun taho,
Ɗan kabu-kabu ya aje babur,
Tela ya bar keke, mun taho!
Mai albasa ya rufe buhu,
Mai kilishi ya naɗe takarda,
Dukawa sun aje basilla,
Duk garin ga mun taho!

(Tafi uku)
Sak-kwa-to!
Sak-kwa-to!
Birnin Shehu, ga mu nan!

KIRAN UNGUWANNI

Mai ja: Mabera na nan?
Amshi: Tana nan!
Mai ja: Runjin Sambo?
Amshi: Yana nan!
Mai ja: Arkilla? Gidan Igwai?
Amshi: Suna nan!
Mai ja: Minannata? Gawon Nama?
Amshi: Suna nan!
Mai ja: Kanwuri, ku ɗaga hannu!
Amshi: Ga shi sama!
Mai ja: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke,
Ƙofar Kade, Ƙofar Atiku,
Ƙofar Taramniya, ku amsa!
Amshi: Mun amsa!
Mai ja: 'Yan Kware, 'yan Wamakko,
'Yan Boɗinga, 'yan Wurno,
Wa ya biya muku mota?
Amshi: Mu munka biya!
Mai ja: Ƙananan hukumomi nawa?
Amshi: 23!
Mai ja: Murya nawa?
Amshi: Guda!

KIRARIN GARI

1804, Shehu ya tashi,
1809, Bello ya gina,
Garin ga ba na jiya ba ne,
Tambayi Hubbare ka ji!
1903, nan Giginya,
Maza sunka tsaya gaban bindiga,
Sarkin Musulmi Attahiru,
Bai miƙa wuya ga baƙo ba.
Sunan da hilin ga ya ɗauka,
Ba sunan wasa ba ne,
In ka sa rigar garin ga,
Ɗan'uwa, ka san abin da ka ɗauka!

Amshi:
Giginya, Giginya!
Doguwa, ba ki rusuna!
Giginya, Giginya!
Na nesa ka sha inuwarki,
Yau na kusa ka cin ƙwallo!

Gulbin Rima, sha ka bar shi,
Ba a ƙure shi da ƙwarya!
Dutsin Kalambaina,
Da kai anka gina birane!
Jar akuyar Sakkwato,
Fatarki ta ƙetare hamada!
Abin da munka yi duk na ƙwarai ne,
Yaranmu ma na ƙwarai ne!

AN TAKE WASA

Taɓa, ba shi!
Ba shi, wuce!
Ƙasa-ƙasa, yaro,
Ƙasa-ƙasa!
Yanke shi!
Sake yanke shi!
Ya zauna!
A ba shi tabarma!

Mai ja: Lamba 9!
Amshi: Ga raga!
Mai ja: Lamba 10!
Amshi: Raba musu!
Mai ja: Lamba 7!
Amshi: Iskar hunturu!
Mai ja: 'Yan baya!
Amshi: Ganuwa!
Mai ja: Golanmu!
Amshi: Ƙyauren ƙarfe!
Mai ja: Kyaftin!
Amshi: Gaba dai, gaba dai!

Mun san ku tun kuna ƙanana,
Can bayan makaranta,
Ƙafa ba takalmi,
Ƙwallon tsumma da leda,
Duwatsu biyu ne raga,
Babban yatsa ya fashe,
A zuba ƙasa, a ɗaure da ƙyalle,
A koma wasa har Magariba!
Inna na kira, ba ku ji ba,
Baba na jira da tsumagiya,
Yau ga shi sun zo kallo,
Yaro, buga don su gani!

Amshi:
Namu ne! Namu ne!
Furarmu ya sha, namu ne!
Ranarmu ta gasa shi, namu ne!

TAKEN RANA

Baƙo, sannu da zuwa,
Ga ruwa, sha ka huta,
Mu ba mu jifa, ba mu zagi,
Gidan Shehu gidan kunya ne.
Amma ka ji ranar nan?
Ta wuce 40 a inuwa!
Kai tana dafa ka,
Mu tana yi mana kirari!

Mai ja: Rana ta yi zafi?
Amshi: Tamu ce!
Mai ja: Ƙura ta tashi?
Amshi: Tamu ce!
Mai ja: Baƙo ya gaji?
Amshi: Yanzu munka fara!

IDAN ƘWALLO TA SHIGA

Ta shiga! Ta shiga!
Raga ta amsa!
Ta shiga! Ta shiga!
Gola na dube-dube!
Mai ganga, kashe ta!
Mai kalangu, matse ta!
Hula sama! Hula sama!
Wanda ya ga tawa ya riƙe min!

Mai ja: Guda ta isa?
Amshi: A ƙara!
Mai ja: Biyu ta isa?
Amshi: A ƙara!
Mai ja: Tuwon gidanmu malmala nawa?
Amshi: Sai baƙo ya ce ya ƙoshi!

IDAN ANKA CI MU

(A sassauta ganga. Kowa ya miƙe tsaye, kada wanda ya nufi ƙofa.)

Ɗaga kai, yaro, ɗaga kai,
Ɗauko ta cikin raga,
Kai ta tsakiya, aje ta,
Ba mu tafi ko'ina ba.
Mun ga shekarun daɗi,
Mun ga na ɗaci,
Mun zauna kan siminti mai zafi,
Mun koma gida ba magana.
Mako ya zagayo,
Wa anka gani bakin ƙofa?
Amshi: Mu!
Wa ya ci bashin kuɗin tikiti?
Amshi: Mu!
Wa ya shaƙe har murya ta tafi?
Amshi: Mu!
Dubi hannun mai gangarmu,
Tafin ya tsage, yana jini,
Ya naɗe shi da gefen rawani,
Bai fasa kiɗa ba!
To ku ma kar ku fasa!

Amshi:
A rama! A rama!
Faɗuwar gaba ta mai baya ce!
A rama! A rama!
Rima ba ya komawa baya!

Alƙali, busa gaskiya,
Abin da ka gani shi muka so.
In fenariti ce, nuna wurin,
In namu ne laifin, mun ɗauka.

MINTI GOMA NA ƘARSHE

Mai ja: Saura nawa?
Amshi: Goma!
Mai ja: Akwai ƙarfi?
Amshi: Akwai!
Tare! Tare!
Kwana ce, kowa ya hau!
Sa kai! Sa kai!
Fitar da ita! Nesa!
Mai ruwan leda, bar ciniki,
Zo ka sa baki!
Alhaji na kujerar inuwa,
Tattare babbar riga, taso!
Minti 90 ba a zaune ba,
Tsaye Sakkwatawa ka gamawa!

Sak-kwa-to! (tafi uku)
Sak-kwa-to! (tafi uku)

TASHI

Alhamdu lillahi, an busa,
Yaranmu, ku zo nan gefe,
Ku ɗaga hannu mu gan ku,
Riga ta jiƙe, mun shaida.
Allah shi ƙara lafiya,
Allah shi kare ƙafa da gwiwa,
Baƙi, Allah shi kai ku gida,
Ku gaida mutanenku.

Mai ja: Magariba ta yi, Sakkwatawa!
Amshi: Mun ji kira!
Mai ja: Wasa na gaba?
Amshi: Muna nan tahe!
Mai ja: Ko da rana?
Amshi: Muna nan tahe!
Mai ja: Ko da ruwa?
Amshi: Muna nan tahe!
Mai ja: Wa ad da Giginya?
Amshi: Mu ad da Giginya!