Tuntuɓen da ake gani a tafiyar jarumi

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki.

Na gano abin da ke sa `jarumi_tafiya` yin tuntuɓe duk lokacin da ya zagayo a Unity, alhali a Blender yana tafiya sumul. Motsin da ka zana lafiyarsa ƙalau, firem ɗaya ne ake yankewa wajen fitar da FBX.

Ka sa kifirem na farko a 1, kwafinsa a 31, sannan ka tsayar da `End` a 30 don kada tsayuwa ɗaya ta fito sau biyu. A Blender haka ya kamata, domin shi firem yake nunawa ɗaya bayan ɗaya. Unity kuwa lokaci yake ƙirgawa. Daga 1 zuwa 30 tazara 29 ce, wato kusan daƙiƙa 0.967 a gudun firem 30 cikin daƙiƙa, ba daƙiƙa guda cif ba. Da ya kai firem na 30 sai ya faɗa na 1 nan take, babu tazarar da ƙafar hagu za ta ƙarasa saukowa. Wannan tsallen ne ido ke kamawa, kuma ya fi fitowa fili da wasan ke gudu a firem 60. Na duba fayil ɗin, 31 bai shigo ba sam. Da yake `All Actions` da `NLA Strips` duk a kashe suke, iyakar da ka sa a `End` aka bi.

Akwai na biyu, ƙarami, a ƙugu da hannaye. A Graph Editor layukansu sun kwanta a farko da ƙarshe, saboda haka motsin yana rage gudu har ya kusa tsayawa kafin ya sake tashi. Tsayuwar ta haɗu daidai, gudun ne bai haɗu ba. Idan ka sa musu `Make Cyclic (F-Modifier)`, hannayen kifirem masu `Auto Clamped` za su lura da zagayen.

Don Allah ka sake fitarwa daga 1 zuwa 31, ka mayar da `Simplify` zuwa 0, domin a 1.0 yana zubar da wasu kifirem. Matse girman fayil ka bar mini, zan yi shi a nan.

Na san za a iya kunna `Loop Pose` a rufe zancen, amma ban so. Yana rarraba bambancin ne a tsawon motsin gaba ɗaya, tafin ƙafa ya riƙa zamewa a ƙasa, nauyin takun da ka sha wahala a kansa ya lalace. `Loop Time` kaɗai na bari a kunne.

Ka duba `jarumi_gudu` ma, shi ma iri ɗaya ne. Idan na samu kafin la'asar gobe, za su shiga gwajin ranar Alhamis.

Na gode, a huta gajiya.