Amsar Tambaya ta 2: Murya da Zaɓen Kalmomi a Sakin Layin Farko

Jarrabawar gwaji, Adabin Hausa (Zube), ajin ƙarshe na babbar sakandare, Zariya

Tambaya ta 2. Karanta wannan mabuɗin labari, sannan ka yi sharhi a kan muryar mai ba da labari da zaɓen kalmominsa. (Maki 20)

"Gidan Alhaji Tanko ba ɓoyayye ba ne. Da ka shigo ta Ƙofar Doka, ko yaro ka tambaya zai nuna maka. Soro ne shirgege mai zankaye huɗu, damina ta ci biyu, ta bar biyu don tarihi. A ƙofar gidan nan aka saba kayar da raguna uku ranar Babbar Sallah. Bana dai an yanka kaza, an kuma gode wa Allah. Alhaji yakan fito da hantsi, ya baza aska takwas ɗinsa a kan tabarma, ya jira masu gaisuwa. Jiya ma sun zo: almajiri ɗaya, da mai kawo takardar kuɗin wuta."

Amsa

Muryar wannan sakin layi gatse ce, amma gatsen da tausayi ya rage wa kaifi. Mai ba da labarin yana ɗaga Alhaji Tanko da farkon jimla, ya sauke shi da ƙarshenta, kuma ko sau ɗaya bai furta kalmar talauci ba.

Jimloli biyun farko yabo ne tsantsa. "Ba ɓoyayye ba ne" lafazi ne da ake yi wa gidan da ya yi suna, ambaton Ƙofar Doka kuma ya sa mu cikin birnin Zariya, inda asalin gida ke da nauyi. Wanda ya tsaya nan zai ce muryar ta girmamawa ce, ya yi kuskure, domin marubucin tarko ya ɗana.

A jimla ta uku tarkon ya kama. "Shirgege" sifa ce ta kambamawa, tana cika baki fiye da "babba". Nan take sai aikatau "ci" ya biyo. An ba damina baki da ciki, ta zama abin da ke lashe gida sannu a hankali. Da cewa aka yi zankaye "sun rushe", da hatsarin dare ɗaya ne. "Ci" kuwa na nuna shekarun da aka yi ba a yi yaɓe ba. "Don tarihi" ba'a ce, kamar daminar ce ta yi wa gidan alfarma.

Jimla ta huɗu da ta biyar sun fi kowacce aiki. An auna "kayar da raguna" da "yanka kaza". Rago sai an kama an kayar, kaza kuwa hannu ɗaya ya ishe ta, saboda haka aikatau biyun ma sun nuna tazarar da ke tsakanin da da yanzu. Kowane Musulmi ya san ba a layya da kaza, ma'ana bana gidan bai yi layya ba, amma marubucin ya bar mu mu faɗa da kanmu. Ƙaramar kalmar nan "dai" ajiyar zuciya ce, irin ta mai cewa "to, haka Allah ya so". Sannan "aka", "an", "an" sun ɓoye mai aikin. Ba a ce "Alhaji ya yanka kaza" ba. Wannan sakayawa ita ce hujjar tausayi: murya ce ta maƙwabci mai kara, wanda ya san komai amma yake rufa wa dattijo asiri. Da zambo ake nufi, da an kama suna an dangwala masa kazar.

"Yakan" lokaci sabau ne, yana nuna al'adar da ta ƙi mutuwa bayan dalilinta ya mutu. Aska takwas aikin babbar riga ne na masu hali, kuma an kira rigar da sunan aikinta don shi ne abin alfahari. An ce ya "baza" ta, wato nuni ga jama'a, amma a kan "tabarma", ba darduma ba.

Jimlar ƙarshe gajera ce, kuma ta fi ciwo a cikin masu gatsen. "Ma" da jam'in "sun" suna sa mu tsammaci taro, ruwa biyu suka tsayar da mu, sai ga mutum biyu kacal. Dukansu karɓa suka zo yi, babu mai gaisuwa a cikinsu. "Kuɗin wuta" ne kaɗai lafazin zamani a sakin layin da ya cika da soro da zanko da tabarma, kuma da shi aka rufe, Alhaji na zaune cikin rigarsa takardar na hannunsa.